Tukunyar wake daga hantsi zuwa isha'i: ƙaramar wuta, kula, lantarki ko firij?

A gidajenmu na Makka da Jidda da wuya ka ga mutanen gida sun ci abinci lokaci guda. 'Yan makaranta na dawowa da azahar, maigida sai bayan la'asar, saurayin da ke aikin shago ko tuƙi kuwa ba a ganinsa sai an idar da isha'i. Idan lokacin umara ne ko hajji, ga baƙi daga gida Najeriya ko Nijar, kowa da sa'ar da zai fito daga Harami. Shi ya sa uwargida kan ɗora babbar tukunya tun da hantsi, wake ko miyar kuka ko miyar taushe, in ta nuna ta rage wutar gas ta koma 'yar mitsitsiya, ta bar ta a haka har dare. Wanda ya shigo ya ɗiba.

Dabara ce mai kyau, kuma ba ta haramta ba a ilimin kiwon lafiya. Sai dai tana da sharaɗi guda wanda ido ba ya gani: ko'ina a cikin tukunyar, sama da ƙasa da gefe, kada zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60 na ma'aunin Salsiyos. Wannan adadin shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a cikin ƙa'idojinta na tsaftar abinci: mai zafi a riƙe shi sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki. Ƙasashe sun ɗan bambanta, Birtaniya na cewa 63, dokar gidajen abinci ta Amurka na cewa 57, amma duk zagaye guda suke yi. Abin da muke kira "da ɗuminsa", wanda za ka tsoma yatsa ka ji daɗi, bai kai nan ba. Yawanci yana tsakanin 40 da 50, kuma nan ne matsalar take.

Mutane da yawa na mamakin yadda abin da ya tafasa awa biyu zai koma ya cutar. Tafasa na kashe yawancin ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma akwai waɗanda in sun ji wuya suke shigewa cikin wani ƙwanso mai tauri su kwanta, tafasar tukunya ba ta fasa shi. Babbarsu a sha'anin wake da miyar nama ita ce Kulostiridiyum farfirinjens. Tana cikin ƙasa, tana jikin busasshen wake da ɗanyen nama da kayan yaji, ba alamar ƙazantar mai girki ba ce. Tafasar ma taimakonta take yi ta fuska uku: ta kashe abokan gasarta, ta kori iskar da ke cikin miya, alhali ita ba ta son iska, sannan zafin ya tashe ta daga kwanciya. Da zarar tukunya ta huce zuwa wajen digiri 50 sai ta fito ta fara hayayyafa. Inda ta fi jin daɗi shi ne 43 zuwa 47, kuma a nan tana iya ninka kanta cikin minti goma ko ƙasa da haka, wanda da wuya a sami ƙwayar abinci da ta kai ta sauri.

A yi lissafi da sassauci. A ce bayan dahuwa ƙwaya 100 ce ta rage a kowane giram na wake, a ce kuma sai bayan minti 15 take ninkawa. Awa ɗaya ninki huɗu ke nan, 100 ta zama 1,600. Awa biyu, 25,600. Awa uku, 409,600. In aka ƙara rabin awa an haura miliyan ɗaya da rabi a giram guda, kuma daga dubu ɗari zuwa miliyan ne ake fara ganin mutane na kwanciya. Akwai ɗan jinkiri kafin ta farka ta kama aiki, amma wunin da muke magana a kansa awa goma ne ko goma sha biyu. Abin takaicin, waken nan ba lallai ya yi tsami ko kumfa ko wari ba. Hanci da harshe suna kama ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ne, wannan kuwa tana iya cika tukunya ɗanɗano bai canja ba.

Alamarta murɗawar ciki da gudawa, tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan cin abincin, galibi ba amai ba zazzaɓi, kuma takan wuce cikin kwana guda. Wanda ya ci waken isha'i shi ne zai tashi da asuba yana zarya bayi, sai a ɗora laifin a kan shawarmar da ya saya a hanya ko a ce sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ne ya shige shi. Ga ƙaƙƙarfan saurayi wahalar yini ɗaya ce. Ga tsohuwar da ta zo umara, ga ƙaramin yaro, ga mai ciwon suga ko ƙoda, gudawa a zafin Makka tana ƙarar da ruwan jiki da wuri. In aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ba maganar jiƙo ba ce, asibiti za a nufa.

To, hanyoyin da ke gaban mai girki huɗu ne: ta bar tukunya a kan ƙaramar wuta, ta juye a kula, ta sa a tukunyar lantarki, ko ta huce shi da sauri ta sa firij ta ɗumama in an tashi ci. Mu ɗauki gida guda mu gwada su duka: tukunyar wake mai lita takwas, an sauke da ƙarfe tara na safe, za a ci da ɗaya na rana, da biyar na yamma, da tara na dare.

Ƙaramar wuta ita ce ta fi buƙatar bayani, don ita ce aka fi yi kuma ita ce ta fi ruɗi. Za a ce ai ga mai sayar da ful, dafaffen waken Larabawa, nan a kowace unguwa, jarrarsa, wato tulun da yake dafawa a ciki, na kan wuta tun asuba, mutane na layi da gurasar tamis a hannu, ba wanda ya kwanta. Haka ne, amma a dubi jarrar da kyau. Cikinta faɗi, bakinta tsukakke, don haka tururi kaɗan ke fita, zafi kaɗan ke tsira. Ful ɗin na cikin ruwa isasshe, wutar ba ta mutuwa, kuma kowane minti kaɗan dogon ludayi na shiga har ƙasa yana juya shi. Ga ciniki na tafiya, abin ba ya zama. Tukunyar gida akasin haka take ta kowace fuska: bakinta faɗi, murfinta sau da yawa a karkace, ba wanda ke juya ta tsakanin azahar da la'asar, kuma kullum raguwa take yi tana ƙara kauri.

Kaurin nan shi ne asalin matsalar. Romo ko farfesu mai ruwa-ruwa in yana kan wuta, na ƙasa da ya yi zafi yana tasowa sama, na sama yana gangarawa, sai zafin ya zagaye tukunya da kansa. Waken da ya narke, ko miyar kuka da ta yi kauri, ko miyar gyaɗa, ba sa wannan zagayen. Zafi na taruwa a gindin tukunya daidai inda harshen wuta ke taɓawa, har ya yi ƙanzo, alhali yatsu biyu daga sama, musamman ta gefe, abin na hucewa. Mai girki ta ji ƙauri, sai ta ƙara rage wuta, saman ya ƙara sanyi. Ta haka tukunya guda ke iya ƙonewa a ƙasa tana kiwon ƙwayoyin cuta a sama. Ɓul-ɓul ɗin da ake gani jifa-jifa a tsakiya shaida ce ta tsakiyar kaɗai. Man da ke kwance a saman miya, manja ko man gyaɗa, yana taimakawa wajen riƙe zafi, amma in zafin ya riga ya sauka, shi ne kuma ke toshe iska ya gyara wa ƙwayar nan wurin zama.

Sai ƙarin ruwa. Wajen ƙarfe uku waken ya kafe, sai a kamfato ruwa daga jarka a zuba. A ce saura lita biyar a tukunya, zafinsa digiri 65, aka zuba lita ɗaya mai digiri 25. In suka gauraya sakamakon 58 ne, an faɗo ƙasa da iyaka, kuma wutar da aka rage don kada ta ƙona ba ta da ƙarfin mayar da shi sama da wuri. Ruwan da za a ƙara ya zama tafasasshe daga buta, kuma bayan an ƙara a ɗaga wuta har tukunyar ta tafaso kafin a sake ragewa. Haka nan kada a juye ragowar jiya a kan na yau, kada a mayar da abin da ya rage a kwano cikin tukunya, kuma ludayi ya sami farantinsa mai tsafta ko ya zauna cikin abincin mai zafi, ba a ajiye shi a gefen murhu awa uku yana bushewa a sake tsoma shi ba.

Akwai gyara mai sauƙi ga maganar ƙanzo, irin wanda gidajen abinci ke yi a teburin da ake jera tire-tire a kan ruwan zafi. A juye waken a ƙaramar tukunya mai murfi, a zaunar da ita cikin babba mai ruwa wanda ya kai tsayin abincin, a bar ruwan na motsi a hankali a kan wuta. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka ba ƙonewa, kuma zafin na shiga ta gefe ba ta gindi kaɗai ba. Aikinsa guda, a riƙa duba ruwan kada ya ƙafe. Faifan ƙarfen da ake ɗorawa tsakanin wuta da tukunya shi ma yana baza zafi a gindi, yana rage ƙauri, amma bai taɓa matsalar saman tukunya ba. Juyawa ce maganinta, kowane rabin awa, daga ƙasa zuwa sama.

Wutar kanta tana da nata hatsarin. Harshen gas da aka rage ƙwarai, iskar fanka ko ta mukayyif ko buɗe taga na iya kashe shi, kuma ba kowane murhu ne ke yanke gas da kansa ba. Asara biyu ke nan, gas na tsiyaya a kicin, tukunya na hucewa ba wanda ya san tun yaushe. Mai niyyar tafiya Harami ko kasuwa ta bar wuta a kunne, wannan hanyar ba tata ba ce. Gawayi kuwa ya fi gas wuyar sha'ani a nan, domin garwashi kullum mutuwa yake yi a hankali, ga iskar guba marar wari da yake fitarwa in ɗaki a rufe yake, kuma ɗakunanmu na nan saboda zafi a rufe suke.

Ko an kiyaye duk wannan, akwai kuɗin da abinci ke biya. Wake da farfesun ƙashi suna jure zama a wuta, har daɗi suke ƙarawa a awannin farko. Miyar kuɓewa ɗanya da karkashi yauƙinsu tsinkewa yake yi. Alayyafo da zogale su yi duhu, wasu sinadaran gina jiki da ba sa son zafi su ragu. Nama ya saki jiki ya zama zare, gishiri da magi su yi yawa saboda ruwa ya ƙone. Waken da ya yi awa goma sha biyu a wuta, ko bai cutar ba, na isha'i ba zai yi kama da na azahar ba.

Kula fa? Ita ce ta fi shiga ran mata, don ba wuta ba ƙauri, ga kyau a gaban baƙo. Amma kula ba ta ƙara zafi ko digiri ɗaya, jinkirta hucewa kawai take yi. Duk abin da aka zuba mata gangarowa yake, tambayar kawai yaushe zai ratsa 60. Kuma daga nan alherinta ke juyewa ya zama sharri, domin yadda ta riƙe shi a 70 haka za ta riƙe shi a 45, ta daɗe da shi daidai inda ƙwayar ta fi so. A gidan misalinmu, waken da aka juye yana tafasa da ƙarfe tara a kula mai kyau, cike taf, ba a buɗe ba, ana sa ran ya kai ƙarfe ɗaya lafiya. Da an buɗe an kwashe kashi ɗaya cikin uku, iska ta shiga, abin da ya rage ya yi kaɗan, sai hucewar ta ƙara sauri. Na ƙarfe biyar ya zama abin shakka, na ƙarfe tara kuwa ban yarda a ba yaro ko tsoho ba.

Kuloli ba ɗaya ba ne. Mai bango biyu na ƙarfe wadda aka zuƙe iskar tsakaninta ta fi ta roba mai soso nesa ba kusa ba, kuma tsohuwar da robar murfinta ta saki ba a dogara da ita. Kowa na iya gwada tasa ranar da ba girki: a cika ta da tafasasshen ruwa, a rufe, a auna bayan awa biyu, huɗu, shida. Sa'ar da ta sauka 60 ita ce iyakarta, a ɗan rage kuma don abinci na gaske ana buɗe shi. Kafin zuba abinci a ɗauraye ta da ruwan zafi a bar shi minti biyar zuwa goma, don bangonta kada ya sha zafin waken. In da hali, ƙananan kuloli biyu sun fi babba guda, kowace a buɗe ta sau ɗaya.

Wani zai ce ai garin nan da zafi, abinci ba ya saurin hucewa. Wannan ba kariya ba ce. Da rani Makka na wuce digiri 40 kusan kullum, a hajjin 2024 ma an auna 51.8 a Masallacin Harami. Kicin ɗin da ba mukayyif, ko bayan mota, ko tanti, zafinsa na daidai da abin da ƙwayar ke nema. A ƙasar sanyi tukunyar da aka manta tana ratsa wurin hatsarin ta gangara ƙasa inda hayayyafa ke raguwa. A nan sai ta sauko 40 da ɗoriya ta tsaya cak. Shi ya sa ƙa'idar awa biyu ke komawa awa ɗaya in zafin wuri ya haura 32. Masu dafa wa alhazai abinci su kai musu masauki a kula, su ne wannan ya fi shafa.

Tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, wadda ke da maɓallin Low da High da Warm, ita ce aka ƙera don wannan aikin. Tana ɗumama gefe da gindi tare, cikinta na tangaran mai kauri, murfinta na zama daram. A kan Low lafiyayyarta na riƙe abinci can sama da 60, ba harshen wuta da iska za ta kashe. Kuɗin wuta ma ba wani abu ba ne: mai cin wat 200 in ta yi awa goma ta ci kilowat-awa biyu, a farashin gida na halala 18 kowane kilowat-awa bai kai rabin riyal ba. Warm ne ke son a auna, don ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu kuma suna kashe kansu bayan wasu awanni ba tare da sanarwa ba. Tukunyar dafa shinkafa ma tana da Warm, tana iya riƙe miya 'yan awanni, amma daga gindi kaɗai take ɗumamawa, don haka matsalar kauri na nan.

Abu biyu ne ba a yi da ita. Ba a ɗauko abinci mai sanyi daga firij a sa mata don ta ɗumama, domin hawanta a hankali ne, za ta daɗe da shi a tsakanin 20 da 50. A tafasa a kan gas tukuna, a juye mata da zafinsa. Na biyu ya shafi jan waken nan mai siffar ƙoda, wanda ake samu a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan: ɗanyensa na ɗauke da wani dafi na halitta wanda ke sa amai da gudawa cikin 'yan awanni, kuma ƙaramin zafi ba ya kashe shi. Sai an jiƙa shi, an zubar da ruwan, an tafasa shi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti goma kafin a rage wuta ko a sa a lantarki. Farin wakenmu na gida bai kai shi wannan dafin ba, amma shi ma a fara da tafasa sosai.

Hanya ta huɗu ita ce mutane suka fi ƙi, don ana ganin ɗumame ƙasƙanci ne ga maigida, ana kuma tsoron sa abu mai zafi a firij. Amma ita ce kaɗai ba ta buƙatar a tsare ta. Sirrinta saurin hucewa. Lita takwas na wake in aka bar shi a tukunyarsa, ko a cikin firij ne, tsakiyarsa na iya kwana da ɗumi, kuma wannan ya fi ƙaramar wuta hatsari. Ma'aunin da gidajen abinci ke bi shi ne a sauko da shi zuwa digiri 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin awa huɗu na gaba. A gida ana cimma haka da faffaɗan tire ko roba mai faɗi, a baza abincin kada zurfinsa ya wuce santimita biyar, kimanin yatsu uku. A zaunar da tiren cikin ruwan ƙanƙara, a juya sau biyu ko uku. Ruwan famfo na tankin saman bene da rani shi kansa da ɗuminsa yake saukowa, ba zai yi wannan aikin ba sai da ƙanƙara. Da tururi ya daina tashi a sa a firij, a bar murfi a ɗan buɗe har ya yi sanyi, kada a jira ya huce sarai a kan tebur. In an tashi ci, a ɗebi iya wanda za a ci, a zuba ɗan ruwa, a tafasa ana juyawa har ko'ina ya haura digiri 75. Sau ɗaya ake ɗumama kowane kaso.

Ga gidan misalinmu, ni abin da na fi gamsuwa da shi raba tukunyar ne tun ƙarfe tara. Kason azahar ya zauna a ƙaramar wuta da murfi ana juyawa, ko a kula cike taf, awa huɗu ba su fi ƙarfin kowannensu ba. Kason dare ya tafi tire da firij nan take. Kason la'asar ne ke da zaɓi: in akwai tukunyar lantarki ko tukunya cikin ruwa da mai zama a gida, ya zauna da zafinsa, in babu ya bi na dare. Ɗumama kwano biyu minti goma ne. A azumi lissafin bai canja ba, sunayen lokutan ne suka canja: shurbar da aka gama da la'asar ta jira buɗa-baki a wuta, amma abin sahur kada ya kwana a kula tun magariba.

Duk wannan zancen digiri ba ya aiki sai da abin aunawa. Ma'aunin zafin abinci mai tsinken ƙarfe ana samunsa a shagunan kayan kicin, ba shi da tsada. Na goshi da ya cika gidaje lokacin korona ba ya wannan aikin, an yi shi ne don zafin jikin mutum, kuma fatar sama kawai yake karantawa. Taɓa jikin tukunya ma ruɗi ne, ƙarfen ya fi abincin zafi. A soka tsinken kafin a juya, a wuri biyu: tsakiya, da kuma gefe kamar yatsu biyu daga sama, ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Ƙaramin adadin shi ne na gaskiya. In ana son a tabbatar da ma'aunin kansa, a tsoma shi a kofin ƙanƙara da ɗan ruwa ya nuna 0, a tafasasshen ruwa ya nuna kusan 100 a Jidda da Makka. A Ɗa'if, saboda tudu, ruwa na tafasa wajen 94, kada a ce ma'aunin ne ya lalace. Mako guda na aunawa ya isa mace ta san daidai inda za ta tsayar da makunnin murhunta ga kowace tukunya, kuma ya fi kyau ta nemi 65 zuwa 70 don ta bar wa kanta rata.

Saura tambayar da ake yi wa juna a waya: "Yaya, na dawo na tarar wutar ta mutu, in tafasa ya yi?" Amsar ta rataya ne a kan lokaci. In an tabbata bai kai awa biyu ba, a tafasa sosai a ci gaba. Tsakanin biyu da huɗu, a tafasa a cinye nan take, kada ya koma firij, kuma in kicin ɗin ya yi zafin rani a ɗauki lissafin da tsauri. In ya wuce huɗu, ko ba a san lokacin da ta mutu ba, a zubar. Dalilin da sake tafasawa ba ya wanke komai shi ne ba ƙwaya ɗaya ce a fagen ba. Ita Kulostiridiyum tafasa na kashe waɗanda suka fito daga ƙwanso. Amma Basilus siriyus, wadda ta fi addabar shinkafa da taliya da sauran abinci mai sitaci, tana zuba dafinta a cikin abincin, kuma dafin na jure zafin da ya wuce na tafasa. Haka dafin Istafilokokus, wadda ke shiga daga hannu ko hanci ko ƙurjin yatsa bayan an gama girki. Su biyun amai suke sawa, cikin rabin awa zuwa 'yan awanni. Don haka garau-garau, da yake shinkafa ce da wake a haɗe, ya fi wake zalla rashin haƙuri da zama, kuma shi ne na farko da ya kamata ya tafi tire in an san ba za a cinye shi da rana ba.